Buhu mai riga uku: ajiyar wake ba tare da magani ba

Manomin wake ya san cewa aikinsa bai ƙare ba ranar da aka gama sussuka. Ƙwaron da ke cin wake tun daga gona yake biyo shi gida. Macen tana manna ƙananan fararen ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta ci ta girma, sannan ta huda ta fito. Cikin kamar wata guda an sami sabon zubi, shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya da kaka yake zama gari da ramuka kafin bazara. Da yawa sukan zuba fiya-fiya ko wani magani mai ƙarfi, alhali wannan waken cikin tukunyar iyali zai ƙare.

Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, shaƙe ƙwaron yake yi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da kansu suke shanye ɗan iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu.

Nasarar duk tana wajen shiri. Waken ya bushe ƙayau, yadda in ka ciza zai fashe da ƙara. In ya lotsa a haƙori, a mayar da shi rana, domin ɗanyen wake cikin leda ruɓewa yake yi. A sheƙe shi a fitar da tsakuwa da karare, su ne ke huda leda. Kowace leda a cika ta da iska, a riƙe bakinta a matsa. In ta saɓe, akwai huda, kada a yi amfani da ita. Sai a sa ta farko cikin ta biyu, a sa su cikin buhun, a zuba wake a bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa a ɗaure. Haka za a yi wa ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Mai haɗa ukun ya ɗaure da igiya ɗaya ya ɓata aikin.

A ɗora buhun kan katako, nesa da bango da rana, a kuma yi maganin ɓera, don huda ɗaya ta isa ta farfaɗo da ƙwarin. Yawan buɗewa ma haka, saboda haka waken ci na yau da kullum a ware shi daban. Buhun ba ya gyara waken da ya riga ya hudu, don haka a zuba da wuri, da zarar ya bushe.