Sunaye Biyu a Kwalin Magani: Wanne Za Ka Karanta?

Idan ka ɗauki kwalin Panadol, abin da ido zai fara gani shi ne wannan suna da manyan haruffa. Ka duba ƙasa da shi, za ka ga wani rubutu ƙarami: Paracetamol 500 mg. Na saman suna ne da kamfani ya raɗa wa hajarsa don a san ta a kasuwa. Na ƙasan kuwa shi ne sunan sinadarin da ke aiki a jikinka, wato farasitamol, kuma shi ne ya kamata ka fi riƙewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara waɗannan sunaye na asali tun shekarun 1950, domin likita a Kano da mai haɗa magani a Maraɗi su fahimci juna ko da kwalayen da ke hannunsu sun sha bamban. Sunan asali ba mallakin kowa ba ne. Sunan kasuwa kuwa na kamfani ɗaya ne, shi ya sa sau da yawa ake ganin alamar ® a gefensa. Don haka farasitamol ɗaya ne, amma a Najeriya za ka same shi a matsayin Panadol ko na Emzor, a Nijar kuma Doliprane ko Efferalgan.

Mutane sukan ɗauka amfanin sanin wannan bai wuce rangwamen kuɗi ba. Gaskiya ne, wanda ba shi da shahararren suna yakan fi araha, kuma idan mai rajista ne, sinadarinsa da ƙarfinsa ɗaya ne da mai tsadar. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda mutum ke shan magani ɗaya sau biyu bai sani ba.

A ce magidanci ya tashi da mura da ciwon kai. Ya je kemis ya sayi Panadol, yana shan ƙwaya biyu sau uku a rana. Kowace ƙwaya miligiram 500 ce, ka ga ya sha 3,000 ke nan. Hanci bai daina zuba ba, sai ya ƙara da maganin mura irin su Procold ko Mixagrip, waɗanda su ma akwai farasitamol a cikinsu. Idan kowace ƙwaya na ɗauke da miligiram 500, ya sha sau uku, an samu ƙarin 1,500. Jimilla 4,500, alhali iyakar babban mutum mai lafiya a awa 24 ita ce 4,000, wato ƙwaya takwas. Mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki, tasa iyakar ba ta kai haka ba. A ganinsa magani biyu ya sha don cuta biyu, amma ita hanta abu ɗaya ta karɓa, kuma ita ce ke wahala idan aka yi kwanaki ana haka. Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta da wuri. A ranar farko wataƙila tashin zuciya kawai zai ji, ko ma ya ji garau. Ciwo a gefen dama na ciki da shawara a ido sai daga baya suke bayyana. Duk wanda ya gane ya zarce ƙima, musamman idan yaro ne aka bai wa, ya nufi asibiti nan take, kada ya jira alama.

Hanyar kauce wa wannan tana jikin kwalin. Ka juya shi ka nemi wurin da aka rubuta Each tablet contains ko Composition. A nan ake jera duk sinadaran da ke ciki da yawan kowanne. Idan an ɓare maka falle ɗaya babu kwali, kamar yadda aka saba a shagunanmu, sunan asalin yana bayan fallen. Wanda ba ya karanta boko ya tambayi mai kemis kai tsaye: "Malam, akwai farasitamol a cikin wannan?"

Bayan suna, sai lambar da ke biye da shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sayarwa da sunan Coartem, Lonart ko Amatem duk Artemether da Lumefantrine ne. Amma akwai mai lamba 20/120, wanda babba ke shan ƙwaya huɗu a lokaci ɗaya, akwai kuma mai 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ta wadatar. Duka biyun sau shida ake sha cikin kwana uku. Wanda ya saba da mai ƙarfin, aka ba shi ƙaramin ya ci gaba da shan ɗaya-ɗaya, rubu'in magani kawai ya sha, zazzaɓin kuma zai iya dawowa.

Ba kowane magani ne ake sauya wa kamfani kai tsaye ba. Mai shan maganin farfaɗiya, alal misali, ya tuntuɓi likitansa kafin ya koma wani, domin ɗan bambanci a yadda jiki ke zuƙe shi zai iya tayar da ciwon. Sannan sunan asali a jikin kwali ba ya tabbatar da cewa ba jabu ba ne. A Najeriya sai ka haɗa da duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki, wadda ake rubutawa bayan haruffan EXP.