Kankare nawa ramin fandisho zai ci?

Ranar zuba kankaren fandisho ce ranar da mai gida ya fi tsoron jin birkila ya ce, "Alhaji, siminti ya ƙare." Leburori na tsaye, rabin rami a buɗe, wanda aka riga aka zuba kuma ya fara kamawa. Galibi ba sata ce ta jawo haka ba, lissafi ne aka yi da ka, alhali da tef da takarda ana iya sanin abin da ramin zai ci tun kafin tifar farko ta sauke yashi.

Fandishon da ake magana a kansa shi ne wanda aka fi yi wa gidajen ƙasa: doguwar shimfiɗar kankare da ke bin ƙarƙashin kowane bango, a kanta ake ɗora bulon farko. Yawan kankarensa yana fitowa ne daga abu uku: faɗi, sau kauri, sau jimillar tsawo. Idan duka ukun a mita suke, amsar za ta fito a kubik mita, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Ɗan firamare ma zai iya wannan ninkawar. Wahalar tana wajen sanin wace lamba ce za a saka a kowane gurbi.

Mu fara da zurfi, don a nan aka fi yin babban kuskure. Rami yana iya kai milimita 900, amma ba cika shi ake yi da kankare ba. Shimfiɗa ce kawai a ƙasansa, sau da yawa mai kaurin milimita 225, sauran kuma bulo ne ke hawa a mayar da ƙasa gefensa. Saboda haka kaurin shimfiɗar ne ke shiga lissafin kankare, zurfin ramin kuwa na lissafin masu haƙa ne. Wanda ya musanya su, a wannan misali, zai sayi ninki huɗu na abin da yake bukata.

Faɗi bai cika rikici a takarda ba. Magina sun saba ba shi ninki uku na kaurin bango, don haka bulo mai inci tara, milimita 225 ke nan, yakan samu rami mai milimita 675. Wannan al'ada ce ta ƙasa mai ƙarfi da gida mara nauyi. A ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin wadda ke kewayen Tafkin Chadi, ko a filin da aka cike da shara, injiniya ne zai faɗi faɗin da kaurin, wani lokacin ma ya ce wannan nau'in fandisho bai dace ba sam.

Tsawo ne ke bukatar natsuwa. A ɗauki gida mai mita 12 da mita 9 idan an auna bangonsa ta waje, da bango biyu a ciki masu ratsa shi ta gajeren ɓangare. Kewayensa ta waje mita 42 ne, amma ba wannan za a ɗauka ba. Layin tsakiyar bango ake bi, domin shi ne kuma tsakiyar rami, kuma shi kaɗai ne ba ya ƙirga kusurwa sau biyu ko ya tsallake ta. Hanyar samunsa mai sauƙi ce a gida mai kusurwa huɗu: a cire kaurin bango sau huɗu daga kewayen waje. Huɗu sau 0.225 ya ba da 0.9, saura mita 41.1.

Bangon ciki yana da nasa tarko. Daga tsakiyar bangon waje na wannan gefe zuwa na wancan mita 8.775 ne, to amma a kowane ƙarshe ramin ciki yana faɗawa cikin ramin waje, wanda an riga an ƙirga shi. Sai a cire rabin faɗin rami a kowane mahaɗi, biyun su haɗu su zama 0.675. Kowane ramin ciki ya koma mita 8.1, biyu 16.2. A gida mai ɗakuna da bayi da sito, inda mahaɗai kan kai ashirin, mantawa da wannan cirewa yana ƙara kusan mita bakwai na ramin da babu shi. Jimillar tsawonmu dai ita ce 41.1 da 16.2, wato mita 57.3.

Yanzu sai ninkawa: 0.675 × 0.225 × 57.3 = 8.7, kubik mita takwas da ɗigo bakwai. Mai aiki da ƙafa da inci ya kiyaye abu ɗaya: inci tara 0.75 ne na ƙafa, ba 0.9 ba. In ya gama, ya raba amsarsa da 35.3 ta koma kubik mita.

Sai dai wannan lamba ta takarda ce, kuma diga da shebur ba sa karanta takarda. A ce masu haƙa sun ɗan saki hannu, faɗin ya zama milimita 750, ƙasan ramin kuma ya yi kwari-kwari har kaurin ya kai 250. Ido ba zai ga wani bambanci ba, amma lissafin ya tashi zuwa kubik mita 10.7, ƙarin biyu cif, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ganina, wanda ya sayi kaya bai shiga ramin da tef ba caca yake yi. A auna faɗin a wurare da dama ta ƙasan ramin, ba ta bakinsa ba, a ɗauki matsakaici. Kaurin kuma a tsare shi da guntayen rodi: a kafa su a ƙasan rami, a daidaita kawunansu da tiyon ruwa, kankare ya tsaya daidai kansu. Inda aka zurfafa fiye da kima, kada a mayar da sakakkiyar ƙasa don a ceci siminti. Da kankare ake cike wurin, a kuma saka shi a lissafi.

Ko ramin ya fita tsaf, ana ƙara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari saboda abin da ke zubewa daga baro da wanda ke maƙalewa a wurin kwaɓi. Da kashi goma, 8.7 ɗinmu ya zama 9.6.

Saura a juya shi zuwa buhu da tifa. Busasshen kaya yana raguwa idan an kwaɓa, saboda yashi na shiga tsakanin tsakuwa, siminti kuma tsakanin yashi. Shi ya sa masu lissafin gini kan ninka da kimanin 1.54, a nan a samu kubik mita 14.8 na busasshen kaya. A haɗin 1:3:6, awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa, kashi goma ke nan. Siminti ya ɗauki 1.48, kuma tunda buhu mai kilo 50 kimanin lita 35 ne, buhu 43 zai isa. Yashi kubik mita 4.4, tsakuwa 8.9. Idan zane ya ce 1:2:4, kamar yadda ake yi inda za a saka rodi, buhunan za su haura sittin. Tifa kuwa girma-girma ce, don haka a auna tsawo da faɗi da tsayin bodinta kafin a yi ciniki.

Gindin ginshiƙai ba ya cikin wannan lissafi. Kowanne ana auna shi daban, a cire tsawonsa daga na ramin da ya faɗa a kai. Haka ma fili mai gangare, inda fandisho ke sauka mataki-mataki: kowane mataki yana hawa kan na ƙasa da shi, kuma wannan hawan ƙarin kankare ne da za a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya.