Kafin Mafassari Ya Yanke Farashi

"Shafi ashirin da huɗu ne kacal, nawa za ka yi mana?" Da irin wannan tambaya yawancin aikin fassara ke farawa, kuma mafassarin da ya san sana'arsa ba ya amsa ta a waya. Abin da yake cewa shi ne a turo masa takardar tukuna. Ɗan jinga ma ba ya yanka kuɗin noma sai ya zagaya gonar ya ga irin ciyawar da ke ciki.

A ɗauki misalin wani kamfanin sayar da kayan gona a Kano da ke son mayar da ɗan littafin maganin feshi daga Turanci zuwa Hausa, domin raba wa manoma. Alƙaluman kuɗin da za a kawo a nan na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Matakin farko shi ne ƙirga kalmomi, kuma al'adar masu wannan sana'a ita ce a ƙirga na rubutun asali. Dalili kuwa shi ne Hausa takan fi Turanci tsawo a irin wannan rubutu, domin kalmar kimiyya guda kan bukaci kalmomi uku ko huɗu kafin ta fito fili. Idan aka ce sai an gama za a ƙirga, mai aiki ba zai san abin da zai biya ba sai a ƙarshe, kuma nan rigima ke farawa.

Sai dai ƙirgar ma tana da tarko. Manhajar Word ta nuna kalma 6,000, amma ba ta karanta rubutun da ke cikin hotuna: sunayen sassan famfon feshi, gargaɗin da ke jikin hoton kwalba, da jadawalin awo da aka manna a matsayin hoto. Da mafassarin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya sami ƙarin kalma 800. Jimla ta zama 6,800. In kuwa takardar PDF ce da aka ɗauka da na'urar hoto, sai an sake buga ta ko an gyara abin da na'ura ta karanto, wanda shi ma aiki ne mai cin lokaci da ya kamata ya shiga lissafi.

Akwai kuma abin da ke rage wa mai aiki kuɗi. Manhajojin taimaka wa mafassara, irin su Trados da memoQ da OmegaT wadda kyauta ce, suna gano jimlolin da aka maimaita. A wannan littafi, gargaɗin sanya safar hannu da takunkumi ya zo a ƙarƙashin kowane magani, har maimaicin ya kai kalma 1,200. Ba a cajin cikakken farashi a kansu, amma ba a barin su kyauta, domin dole a duba ko jimlar ta dace da kowane wurin da ta faɗo.

Daga nan sai auna wahala, kuma a nan ne gwanin ke bambanta da sabon shiga. Ba ya yi wa littafin kuɗin goro. Gabatarwa, da bayanin ajiye magani nesa da yara da abinci, da yadda ake wanke famfo, kalma 3,000 ne masu sauƙi da zai iya gamawa cikin kwana biyu. Sauran 2,600 kuwa su ne ƙashin aikin: sunayen sinadarai, sunayen ƙwari da cututtukan shuka, awon magani, alamomin guba a jikin mutum da taimakon gaggawa. Ƙwaro ɗaya kan iya samun suna daban a Kano da Sakkwato da Maraɗi, wani kuma ba shi da sunan da kowa ya amince da shi. Sakin layi guda a wannan sashe kan cinye sa'a ɗaya ana bincike da tambayar manoma. Saboda haka mafassarin yakan fara da tsara jerin muhimman kalmomi, ya aika wa kamfanin ya amince da su kafin ya ci gaba.

Idan farashinsa na rubutu mai sauƙi naira 40 ne kowace kalma, sashen farko ya kama naira 120,000. Sashe mai wuya a kan naira 60 ya kama 156,000. Maimaici a kan naira 10 ya kama 12,000. Kuɗin fassara kaɗai ya zama naira 288,000.

Saura dubawa, wadda ita ce masu ba da aiki suka fi son a tsallake. Iri biyu ce. Ta farko bita ce, inda wani mafassari na biyu ke ɗora Hausar kusa da Turancin, jimla bayan jimla. Ƙa'idar aikin fassara ta duniya mai lamba ISO 17100, wadda ta fito a 2015, ta wajabta wannan bita ta hannun wani mutum daban. Shi ne zai kama inda 2.5 ta koma 25 saboda ɗigon ya ɓace a hoto. A misalinmu an ware masa kashi ɗaya bisa uku na kuɗin fassara, wato naira 96,000.

Ta biyu ita ce duban masanin fanni, a nan malamin gona da ya saba da feshi. Shi ba nahawu yake dubawa ba, tambayarsa ita ce: in manomi ya bi wannan rubutu, me zai faru a gonarsa? Littafin ya ce a zuba lita ɗaya ta magani cikin lita 200 na ruwa a kowace hekta. Fassarar daidai take, amma manomi da famfon goyo mai cin lita 16 yake aiki, kuma abin da yake bukatar sani shi ne mililita 80 a kowane cikin famfo. Malamin zai nuna wannan giɓi, mafassarin kuma ya kai wa kamfanin shawara, domin ba hurumin mai fassara ba ne ya ƙara awon magani da kansa. Malamin ne kuma zai tabbatar ba a cakuɗa jira biyu ba: lokacin da za a jira kafin a sake shiga gonar da aka fesa, da kwanakin da za a jira kafin a girbe amfani. Rikita su na iya kai tumatir mai guba kasuwa. Irin wannan masani da sa'a ake biyansa. Sa'a shida a kan naira 10,000 sun kama 60,000.

Jimlar aikin ta tashi naira 444,000. Da mafassarin ya amsa a waya da lissafin 6,000 sau 40, da ya ce 240,000, sannan ko dai ya yi asara ko ya yanke bita da duban masani. Ba kowane rubutu ke bukatar matakan nan duka ba. Takardar tallar famfon bita kaɗai ta ishe ta. Abin da ake aunawa shi ne girman ɓarnar da kuskure zai jawo, shi ya sa takardar magani, da littafin sarrafa inji, da yarjejeniyar shari'a ba sa fita sai masani ya gani.

Abu na ƙarshe shi ne rubuta iyakar aikin kafin a karɓi kafin alƙalami. Takardar ta faɗi yawan kalmomi da ranar miƙawa, da wanda zai biya masani, da sau nawa za a yi gyara kyauta. Ta faɗi su wa za su karanta, domin manoman Nijar sun saba da rubutun ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma ana rubuta musu 2,5 da waƙafi maimakon 2.5. Ta kuma faɗi cewa mafassarin zai ga shafukan bayan an tsara su, kafin a kai maɗaba'a, saboda wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su bar ɗan akwati a gurbinsu. Idan kamfanin ya ƙaro sabon magani bayan an fara, ana ƙirga kalmominsa daban, a sake aika wa malamin gona, a kuma ɗaga ranar miƙa aiki.