Kafin ki tura kuɗin leshin nan

Da daddare ne, an gama aikin gida, kina kwance kina duba waya. A status ɗin wata dillaliya sai ga leshi ruwan zuma, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa saura biyu. Da safe ba ki san da shi ba, yanzu kuwa ji kike idan ya wuce ki an yi asara. Kafin minti biyar kin karɓi lambar asusu kin tura naira dubu talatin da biyar. Maza ma haka suke yi: mutum ya shiga Farm Centre a Kano gyaran caja, ya fito da sabuwar waya.

A da, sayen leshi sai an shirya an je Kantin Kwari, an yi ciniki, an ƙirga kuɗi a hannu ana jin zafin rabuwa da su. Wannan ɗawainiyar ita ce ke ba sha'awa lokacin hucewa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, tazarar da ke tsakanin gani da biya ta kusa ɓacewa. Abin yi shi ne mutum ya maido da ita da kansa.

A samu ƙaramin littafi. Duk abin da ya ba ki sha'awa kuma ba ya cikin cefane, magani ko kuɗin makaranta, ki rubuta sunansa da farashinsa da ranar da kika gan shi, sannan ki rufe littafin. Abin da bai kai dubu goma ba, ya kwana ɗaya. Abin da ya haura haka, ya yi kwana talatin. Rubutun yana kwantar da hankali, domin zuciya ta san ba a hana ta ba, an dai ce ta dakata. Kwana talatin kuma yana ratsa ƙarshen wata, lokacin da aljihu ya yi sanyi, mutum yake ganin ainihin darajar kuɗinsa.

A ce malamar makaranta ce mai albashin dubu casa'in. A wata guda ta rubuta leshin nan, da takalmi na dubu goma sha biyu, da kulolin abinci na dubu goma sha takwas, da turare na dubu huɗu. Jimilla dubu sittin da tara, fiye da kashi uku cikin huɗu na albashinta. Da wa'adi ya cika ta buɗe littafi. Leshin ta tuna akwai wani a akwati da ba ta kai wa tela ba, sai ta soke shi. Kulolin ma ta manta kalarsu. Takalmin ne ya tsaya mata a rai, domin nata ya tsinke, shi ta saya, kuma babu nadama.

Turaren fa? Nan ne kuɗin jin daɗi ke shigowa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin tsarin. Wanda ya ƙuntata wa kansa gaba ɗaya, rana ɗaya zai fashe ya yi sayayyar da ta fi ta da. Don haka malamar ta ware kashi biyar cikin ɗari, wato dubu huɗu da ɗari biyar, ta cire su a POS ranar albashi ta sa a wata jaka daban. Waɗannan ba sa shiga littafi, ba sa jira. Ta sayi turare ko tsire ko ɗan kunne, babu mai tambayarta. Sharaɗi ɗaya ne: idan sun ƙare, sun ƙare sai wani wata.

Dillaliya za ta ce, "Hajiya, gobe kuɗin zai ƙaru." Wani lokaci gaskiya take faɗa, mun ga yadda kaya ke tashi. Amma ƙarin dubu biyu a kan abin da kike buƙata da gaske ya fi sauƙi a kan dubu talatin da biyar da za su kwanta a akwati. Wanda ya fi haɗari shi ne, "Ɗauki kawai, kya biya ƙarshen wata." Bashi yana kashe jiran tun daga tushe. Anko ma a sa shi a littafi, tunda ranar biki ba ta zuwa ba sanarwa.

Idan kika ga kin fara cin kuɗin jin daɗin wata mai zuwa, ko kina ɓoye wa maigida leda, tsarin ya fara yoyo, sai ki toshe status ɗin dillalan da suka fi jan ki. Yau da daddare ki buɗe akwati ki ƙirga kayan da har yanzu suke cikin ledarsu, ki rubuta jimillar kuɗinsu a shafin farko na littafin.