Waya na zafi, mita na cewa lafiya lau

Mai gyaran wuta zai maƙala mita a jikin waya, ta nuna masa amfiya shida, alhali in ya kai hannu sai ya ji wayar ta yi zafin da ya wuce na shida. Sau da yawa laifin yana ga siffar wutar da ke bi ta cikinta.

Wutar da ake rabawa a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, tana hawa da sauka sannu a hankali kamar lilo. Amma cajar waya da kwamfuta da ƙwan lantarki na zamani fizgar wuta suke yi, su saki, su sake fizga. Kwararar tana maimaita kanta, sai dai siffarta ta karkace.

Masanin lissafi ɗan Faransa Joseph Fourier, a littafinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi, ya nuna cewa irin wannan siffa ana iya warware ta zuwa igiyoyi masu santsi, kamar yadda ake warware tufka. Akwai kason da ke tafiya gefe ɗaya ba ya juyawa, akwai uwar igiya mai 50, sai 'ya'yanta masu 100, 150 da sauransu, waɗanda ake kira hamonik. A ce an warware wata kwarara an sami haka:

i = 2 + 8.49 sin(ωt) + 4.24 sin(3ωt)

Matsakaicinta ba ya buƙatar wahala. Kowace igiya, abin da ta tura gaba a rabin zagayenta shi take janyewa a ɗaya rabin, don haka a cikakken zagaye ba ta barin komai. Abin da ya rage shi ne lambar farko, amfiya 2.

Zafi kuwa ba ruwansa da inda wuta ta dosa. Ko gaba ko baya, waya na ɗumama, kuma in kwarara ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Shi ya sa ake neman RMS, wato kwararar da ba ta juyawa wadda za ta ba da zafi daidai da wannan. Lambobin 8.49 da 4.24 ƙololuwa ce, sai an raba kowace da 1.414 kafin a sami RMS ɗinta: 6 da 3. Ita 2 ba a raba ta, don ba ta hawa ba ta sauka. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Daga nan sai a ninka kowace da kanta, a tara, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimillar:

I = √(2² + 6² + 3²) = √49 = 7

Amfiya 7 ke nan. Wanda ya tara 2 da 6 da 3 ya sami 11 ya yi kuskure, kuma dalilin shi ne abin da ya fi burge ni a wannan lissafi. Igiyoyi biyu masu saurin da ya bambanta, wani lokaci suna tura wuta tare, wani lokaci suna jayayya, kuma a cikakken zagaye taimakon da jayayyar daidai suke, sai su shafe juna. Kowace da nata zafin take zuwa ita kaɗai. Ko an gusar da hamonik na uku gaba ko baya, siffar za ta sauya a ido, amma 7 na nan. Sharaɗin dai saurin ya bambanta. In igiyoyi biyu saurinsu ɗaya, dole a fara haɗa su wuri guda.

A duba abin da wannan ke nufi ga waya. Wanda ya lissafa uwar igiya kaɗai ya yi tanadin zafin 36, alhali 49 ne, ƙarin da ya haura kashi ɗaya bisa uku.

Ina mita ta shigo? Masu araha da yawa ba RMS suke aunawa ba. Suna juya rabin zagayen baya ya koma gaba, su ɗauki matsakaici, su ninka da 1.11, lambar da ta dace da igiya mai santsi kawai. A ba irin wannan mita kwarara mai kusurwa huɗu ta amfiya 10, siffar da infata mai sauƙin ƙira ke fitarwa, za ta nuna 11.1. A ba ta fizgar caja kuwa, sai ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma wannan ne mai haɗari. A nemi wadda aka rubuta True RMS a jikinta. Ko ita ma, in babu AC+DC, za ta tsallake amfiya 2 ɗin nan ta nuna 6.7.