Nawa Za A Faɗa, Nawa Za A Rufe: Labarin Mai Kafa Kasuwanci A Jerin Hotuna

A watan Fabrairun 2017 Instagram ya bai wa jama'a damar haɗa hotuna har goma a saƙo guda, mai kallo yana jan su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A 2024 aka ƙara adadin zuwa ashirin. Wannan jerin shi ake kira karusel, kuma a LinkedIn ma ana yin irinsa ta hanyar ɗora takardar PDF. Tun daga nan masu kafa kamfanoni da masu ƙananan sana'o'i suka samu wurin ba da labarin yadda suka faro. Sai dai da yawansu kan tsaya cak a shafi na uku ko na huɗu, suna tunanin ko su ambaci bashin da ya kusa durƙusar da su, ko rashin lafiyar da ta canza musu hanya, ko kuɗin da suke samu yanzu.

Ga Bahaushe nauyin ya ninka. An tashe shi da cewa yabon kai jahilci ne, ga tsoron riya, ga tsoron kambun baka. Amma mai saye a intanet bai taɓa ganin shagon ba, bai san gidan su mai kayan ba, don haka dole a ba shi abin da zai gina yarda a kai.

Labarin Temie Giwa-Tubosun ya nuna inda iyakar take. Ita ce ta kafa LifeBank a Legas a 2016, kamfanin da ke kai jini asibitoci a kan babura cikin akwatunan sanyi. Ta sha bayyana cewa haihuwar ɗanta a Amurka a 2014 ta zo da matsala mai tsanani, kuma ta tsira ne saboda tana wurin da ke da kayan aiki. Da wuya a samu sirrin da ya fi na ɗakin haihuwa, amma mai sauraro ba ya jin cewa ta wuce gona da iri. Dalili kuwa shi ne zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Najeriya, kuma aikin kamfaninta shi ne jini ya isa da wuri. Idan aka cire haihuwar daga labarin, ba za a gane abin da ya sa ta zaɓi wannan aiki ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane shafi: a cire shi, a sake karanta jerin. In har mai karatu ya daina fahimtar dalilin da ya sa kayan suke yadda suke, shafin ya cancanci zama. In kuwa babu abin da ya ragu sai kwarjinin mai labarin, to ado ne kawai.

Da za a tsara labarin nata a shafuka bakwai, na farko zai ɗauki matsalar ne, wato mace tana zubar da jini ana neman leda ɗaya ba a samu ba. Na biyu shi ne wurin haihuwar tata, a jimla biyu ko uku, ba tare da hoton gadon asibiti ba. Shafin nan na biyu yana bukatar kulawa ta musamman, domin Instagram kan sake nuna jerin ga wanda ya wuce shi, kuma sau da yawa daga hoto na biyu yake farawa, saboda haka dole ya iya tsayawa da ƙafarsa. Na uku da na huɗu su bayyana abin da ta gano, cewa sau da yawa jinin yana nan a wani wurin ajiya, sanin inda yake da kai shi a kan lokaci ne ke gagara. Na biyar da na shida na 'yan babur ne da ma'aikatan asibiti. Na ƙarshe ya gaya wa mai karatu abin da zai iya yi, misali ya ba da gudummawar jini. A shafuka bakwai, ɗaya ko biyu ne kaɗai suka tsaya a kanta. Kyautar dala 250,000 da ta ci a gasar gidauniyar Jack Ma a 2019 gaskiya ce, amma wurinta bayanin da ke ƙarƙashin saƙon, in ma za a kawo ta.

Lambobi ne suka fi jefa mutane cikin alfahari ba su sani ba. Sara Blakely, wadda ta kafa kamfanin tufafin ciki na mata mai suna Spanx a Amurka, tana da lambobi biyu da aka san ta da su. Ta fara da dala 5,000 da ta tara tana yawon sayar da na'urar fakis ofis-ofis, kuma a 2021 kamfanin Blackstone ya sayi kaso mafi girma na Spanx bisa ƙimar dala biliyan 1.2. Lamba ta farko tana koya wa mai karatu wani abu, don yana iya kwatanta ta da abin da ke hannunsa. Ta biyun ba abin da zai yi da ita sai mamaki. Mai turaren wuta da ta rubuta nawa ta kashe a tukunyar farko da yadda ta ƙone ta ba da darasi. Wadda ta ɗora hoton alat na banki ta nuna arziki ne, kuma ta buɗe ƙofa ga maroƙa da 'yan damfara.

Akwai wata dabara da ta fi alfaharin fili muni, kuma abin takaici ita ce ta fi yawa a wurin masu kunya: a lulluɓe yabon kai da ƙorafi ko da tawali'u. Mutum ya ce oda ta yi masa yawa har barci ya gagara, ko ya ce shi ba kowa ba ne amma ga shi an gayyace shi taro a Dubai. Övül Sezer da abokan aikinta sun wallafa bincike a kan wannan a 2018, inda suka samu cewa mutane sun fi ƙin mai irin wannan salo a kan mai fitowa fili ya yabi kansa, saboda suna ganinsa a matsayin wanda ba shi da gaskiya. Wanda ya samu nasara gara ya faɗe ta sau ɗaya, a jimla miƙaƙƙiya, ya ambaci waɗanda suka taimaka. Godiya ga Allah tana da muhallinta, amma in ta zama rubutun da ke saman hoton sabuwar mota, masu karatu suna gane abin da ake son su kalla.

Sai kuma haƙƙin wasu. Labarin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai mijin da bai goyi baya ba, da abokin hulɗar da aka rabu da shi, da yaron da aka yi jinya. Su ba su zaɓi shiga jerin ba, kuma shafi ɗaya ana iya ɗaukar hotonsa a watsa a WhatsApp ba tare da sauran ba. Saboda haka a nemi izininsu ko a sakaya su yadda ba za a gane su ba. Raunin da bai warke ba, kamar rikicin da ke gaban alƙali ko sakin da bai daɗe ba, a jinkirta shi.

Bayan an wallafa, martanin jama'a zai nuna ko an daidaita. Idan duk abin da ake rubutawa "Masha Allah" ne da "Allah ya ƙara ɗaukaka", an kalli mai labarin ne aka wuce. Idan tausayi ne zalla, damuwar ta danne kasuwancin. Alamar da ake nema ita ce mutane su fara tambayar yadda aka magance matsalar, ko su kawo nasu labarin makamancinsa, sannan a ɓangaren Insights a ga yawan waɗanda suka adana saƙon ko suka tura wa wasu ya haura na sauran saƙonnin shafin.