Wasan Rataye: Yadda Ake Zaɓen Harafi na Gaba

Wasan rataye ba ya buƙatar komai sai alli da allo. Mutum ɗaya zai ɓoye kalma a zuciyarsa, ya ja gajerun layuka daidai da yawan haruffanta. Abokin wasansa zai riƙa kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya. Idan harafin yana cikin kalmar, sai a rubuta shi a duk gurbin da ya fito. Idan babu shi, sai a zana sashe ɗaya na jikin mutum a ƙarƙashin igiya. Galibi kuskure shida ake yarjewa: kai, gangar jiki, hannu biyu da ƙafa biyu. Da zarar zanen ya cika, an cinye mai canka.

Da yawa sukan ɗauka sa'a ce kawai. Amma duk harafin da aka kira tambaya ce, kuma wata tambayar ta fi wata amfani. Ɗalibin kimiyyar halittu ya san wannan daga jadawalin tantance tsirrai, irin wanda Lamarck ya yi amfani da shi a littafinsa na tsirran Faransa a 1778. Ana tambaya ko ganyen mai faɗi ne ko siriri, kowace amsa kuma ta kawar da rukuni guda, har a tsaya a kan tsiro ɗaya. Haka ma harafi mai kyau yake: ya kasance akwai kyakkyawan zaton yana cikin kalmar, sannan amsarsa ta rarraba kalmomin da ake zato zuwa ƙananan rukunai.

A ɗauka ɗalibai biyu a wata makarantar sakandare a Ɗorayi sun amince kalmar sunan dabba ce mai haruffa 4, daga cikin waɗannan 16: doki, jaki, zaki, biri, kifi, kare, mage, kaza, kada, gada, kura, giwa, ɓera, dila, zomo da rago.

Harafin farko ba shi da wahala. Wasalin "a" yana cikin kalmomi 12 daga cikin 16, don haka haɗarin kuskure kaɗan ne. Bugu da ƙari, gurbin da ya fito yana ba da labari. Idan ya fito a gurbi na biyu kaɗai, saura kalmomi 5: jaki, zaki, kare, mage da rago. Idan a na huɗu kaɗai ne, saura 4: kura, giwa, ɓera da dila. Idan a na biyu da na huɗu ne, saura 3: kaza, kada da gada. Ko da bai fito ba ma, kuskuren bai tafi a banza ba, domin saura 4 kawai: doki, biri, kifi da zomo.

To, a ce allo ya nuna _ a _ _. A nan ne yawancin masu wasa kan yi tuntuɓe, domin sukan ci gaba da jero wasula bisa al'ada. Idan aka kira "i", kalmomi 2 ne kawai cikin 5 suke da shi, kuma in ya faɗi ana nan da kare, mage da rago a dunƙule. Amma baƙin "k" yana cikin 3 daga cikin 5, sannan yana raba su gida uku. Idan ya fito a farko, kalmar kare ce, wasa ya ƙare. Idan ya fito a gurbi na uku, jaki ne ko zaki. Idan bai fito ba, mage ce ko rago. Ke nan ba yawan harafi a cikin harshe gaba ɗaya ake dubawa ba, yawansa a cikin kalmomin da suka rage ne abin lura.

A ce kuma allo ya koma _ a k _. Kiran "i" ba zai jawo kuskure ba, amma ba zai ƙara wa mai canka sanin komai ba, tunda jaki da zaki duk suna da shi a gurbi ɗaya. Ko ba jima ko ba daɗe sai ya zaɓa tsakanin "j" da "z", kuma a nan dabara ta ƙare, saura sa'a rabi da rabi. Wannan shi ne tushen nazarin da Claude Shannon ya wallafa a 1948: amsar da aka riga aka sani ba ta ɗauke da wani labari. Saboda haka mai hankali yakan tattala kurakuransa tun farko, domin ya sami abin kashewa a irin wannan mararraba.

A wasa na zahiri ba a ba mutum jerin kalmomi, sai ya dogara da ƙirar Hausa. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka idan "a" bai fito a gurbin ƙarshe ba, sai a fara zaton sauran wasulan huɗu. Haka kuma kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu masu zaman kansu. A ɗauki Sharaɗa, unguwar masana'antu. Bayan kiran "a", allo zai nuna _ _ a _ a _ a. Gurabe biyun farko ko dai wasali ne da baƙi, kamar a kalmar uba, ko kuwa baƙi mai goyo irin su sh, ts, kw, gw da ky. Idan aka kira "s" ya fito a farko, "h" ne zai biyo baya. Idan ya fito a na biyu, "t" ne ya fi cancanta.

Sunayen wurare suna da nasu tarko. Ɗorayi da Bompai duk haruffa 6 ne, kuma duk suna da "o" a gurbi na biyu da "i" a ƙarshe, sai gurbin "a" ne ke bambanta su: na huɗu a Ɗorayi, na biyar a Bompai. Sai dai wanda ya dogara da daidaitacciyar Hausa ba zai kira "p" da wuri ba, tunda ba ya cikin haruffanta. Challawa ma an saba rubuta ta da "ch" irin na Turawa. Don haka wajibi ne a yi yarjejeniya kafin a fara: ko an yarda da sunayen wurare, ko "ɗ" daban yake da "d", da kuma ko "sh" gurbi ɗaya zai ci ko biyu.

Abin mamaki, gajeriyar kalma ta fi doguwa wahala. Doguwar kalma tana da haruffa iri-iri, kuma kaɗan ne kalmomin da suka yi kama da ita. Amma idan allo ya nuna _ a r a, akwai aƙalla kalmomi 9 da aka saba ji: bara, dara, fara, gara, kara, ƙara, sara, tara da yara. Kowane kira kalma ɗaya kaɗai yake kawarwa. Ko da mai canka bai yi kuskure ko ɗaya ba tukuna, kira 6 ne ya rage masa, wato damarsa ta nasara kashi biyu ne cikin uku, idan ba wata kalmar da ta fi 'yar'uwarta yiwuwa. Mai ɓoye kalma da ya fahimci wannan ba zai wahalar da kansa da neman doguwar kalma ba.

Malami zai iya gwada wannan lissafi a aji. Ɗalibai su tara sunayen itatuwa 20 masu haruffa 5, irin su marke, ɗinya da kurna, su ƙirga kalmomi nawa ne ke ɗauke da kowane harafi da kuma rukunai nawa yake raba su, sannan su yi wasa goma bisa lissafin, goma bisa son rai, su kwatanta yawan kurakuran.